Ɗanyen itace da hayaƙi a murhun Kumasi: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu girki da itace a zangunan Kumasi suke yawan yi, daga matan gida zuwa masu sayar da koko, shinkafa da wake, tuwon zafi da masu gidan burodi a Aboabo, Asawase, Sabon Zango da Tafo. Yawancinsu sukan taso ne a watan Yuni, lokacin da ruwa ba ya ɗagawa kuma kowane kicin ya turnuƙe.

Malam, itacen nan da hannu a bushe yake. Me ya sa yake hayaƙi haka?

Hannu bayan itace kawai yake taɓawa. Bishiya mai rai cike take da ruwa tun daga saiwa har reshe, kuma idan aka sare ta ruwan yana nan a ciki. A yawancin itatuwa, kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na nauyin ɗanyen gungume ruwa ne. Kwana uku a rana sun isa su busar da ɓawo har ya yi fari, amma ciki bai ma san an yi rana ba. Itacen da ya cancanci shiga murhu shi ne wanda ruwansa ya sauka zuwa kashi 20 ko ƙasa da haka, kuma ba a kaiwa nan cikin kwanaki.

Idan ana son gani da ido, a faskara guda ɗaya a ɗora sabon gefen a kan kunci ko bayan hannu. Ɗanye zai yi sanyi da laima, launinsa ya fi na waje duhu, kuma yana ƙamshin sabon sara.

To mene ne hayaƙin kansa? Ba tururin ruwan ba ne kawai?

Akwai tururi a ciki, amma ba shi ne ke sa ido hawaye ba. Itace ba ya kamawa kai tsaye yadda ake zato. Da farko zafi yana korar ruwan da ke ciki, kuma muddin wani sashe na itacen yana da ruwa, zafinsa ba ya wuce digiri 100 da yawa. Bayan ruwan ya tafi, sashen yana ƙara zafi, kuma daga wajen digiri 200 zuwa 300 jikin itacen yana fara rushewa yana fitar da iskar gas da wani irin maiƙo mai kama da kwalta. Harshen wutar da muke gani shi ne wannan gas yana ci. Fiye da rabin zafin da ke cikin itace ta nan yake fitowa. Sauran yana cikin garwashi.

Kafin gas ɗin ya ƙone ƙurmus yana buƙatar iska isasshiya da zafi mai yawa, kusan digiri 600. A nan ɗanyen itace yake ɓata aiki. Bayansa ya bushe ya fara fitar da gas, cikinsa kuma yana ta hura tururi. Tururin yana sanyaya harshen wutar, yana kuma gauraya da gas ɗin ya tsinka shi, ya tokare iskar da ya kamata ta shiga. Sai gas ɗin ya tashi bai kama ba, ya huce a sama, ya zama ƙananan ɗigo-ɗigo na kwalta da baƙin ƙura. Shi ne hayaƙin nan mai kauri, fari-fari ko ruwan toka, mai ɗaci a maƙogwaro. Shi ne kuma yake manne wa gindin tukunya ya yi danƙo, ya zama kunkunniya a kwanon rufi.

Saboda haka duk hayaƙin da ya fita ta taga, itace ne da aka biya kuɗinsa bai ba da zafi ba.

Nawa ake asara idan an ƙona ɗanye? A ba mu lissafi.

A ce Hajiya mai shinkafa da wake ta sayi lodin da nauyinsa kilo 100, sabon sara, rabinsa ruwa. Ainihin itacen da ta saya kilo 50 ne, sauran kilo 50 ruwa. Idan aka bar lodin ya bushe har ruwansa ya koma kashi 20, zai dawo kilo 62 da rabi: itacen nan kilo 50 bai ragu ba, ruwan ne ya koma kilo 12 da rabi. Lita 37 da rabi sun fita ke nan, wato galan Kufuor mai lita 25 ɗaya da rabi. In rana da iska ba su kwashe wannan ruwa ba, wutar murhu ce za ta kwashe shi, kuma da itacen Hajiya za ta yi aikin.

Ƙone ruwa aiki ne mai cin wuta ƙwarai. Duk mai girki ya san tukunya tana tafasa da wuri, amma kafin ruwan ya ƙone ƙaf sai an daɗe ana tura itace. Zafin da ake buƙata a mayar da lita ɗaya ta tafasasshen ruwa tururi ya ninka sau bakwai wanda ake buƙata a kai ta ga tafasa tun daga sanyi.

Amma a yi adalci ga lissafin. Idan wannan ne kaɗai asarar, ba ta wuce kashi 10 cikin ɗari da ɗan ɗoriya na zafin lodin ba. Mutane sukan ji cewa kilo ɗaya na busasshen itace yana ba da kusan ninki biyu na zafin kilo ɗaya na ɗanye, kuma gaskiya ne, sai dai babban dalilin shi ne rabin kilon ɗanyen ba itace ba ne tun farko. Wannan yana da muhimmanci ga mai saye da nauyi. Ga mai saye da kashi ko da lodin aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, babbar asarar tana wani wuri: gas ɗin da ya tafi a hayaƙi, da raunin harshen wuta. Wuta mai rauni tana ɗaukar lokaci kafin ta tafasa babbar tukunya, kuma duk tsawon lokacin zafi yana zurarewa ta jikin tukunya, ta duwatsun murhu, ta ƙasa. Mai girki ta ga wutar ba ta ci, sai ta ƙara itace, ta cika murhun, iska ta rasa hanyar shiga, hayaƙi ya ƙaru. Sai a ƙara kananzir, a yi ta fifita. Idan aka haɗa duk wannan, asarar ta wuce ta takarda nesa ba kusa ba.

Wanda ke son sanin nasa lissafin, ga hanya mai sauƙi. A ware itace iri ɗaya, masu kauri ɗaya, wasu busassu wasu ɗanyu. Yau a dafa tukunyar da aka saba da busassun, a ƙirga guda nawa suka shiga da lokacin da ta tafasa. Gobe a maimaita da ɗanyun, a murhu ɗaya da ruwa daidai da na jiya. Ƙirgen guda ya fi awon nauyi amfani a nan, domin da guda ake saye.

Itacen da ruwan sama ya doka da ɗanyen itace, duk ba ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne. Busasshen itace da ruwan dare ɗaya ya jiƙa, bayansa ne kawai ya sha, ɗan abin da bai kai kaurin yatsa ba. Kwana ɗaya ko biyu a rana, ko a jingine kusa da murhu, ya dawo. Ɗanye kuwa ruwansa yana cikin jijiyoyinsa, wani a ramukan da ke tsakani, wani a jikin zaren itacen kansa. Na ramukan yana fita da sauri a makonnin farko. Na jikin zaren shi ne mai taurin kai, kuma sai ya fara fita ne itace yake tsukewa ya tsattsage a baki.

Akwai na uku, wanda ya fi su muni: itacen da ya kwana makonni a ƙasa cikin damina. Wannan yana tsotsar ruwa daga ƙasa, funfuna ta kama shi, ya fara ruɓewa. Ko an busar da shi daga baya ba ya dawowa yadda yake, don ruɓar ta riga ta cinye wani sashe na abin da zai ƙone. Za a ji shi shafal a hannu, farce yana shiga jikinsa, ya ci fuu ya bar toka ba garwashi.

Yaya zan gane busasshe tun a wurin mai sayarwa?

Kada a dogara da alama ɗaya. A duba bakin itacen: busasshe yana da tsaga-tsaga da suka taso daga tsakiya zuwa gefe, launin bakin ya dushe. Ɓawonsa yana ɓantarewa da ɗan ja da hannu, na ɗanye kuwa yana manne gam. A ɗauki guda biyu a gwara su: busasshe yana ƙara ƙwal-ƙwal, ɗanye yana yin dum. Sannan a ɗaga a ji nauyi, amma a gwada iri ɗaya da iri ɗaya, don busasshen marke yana iya fin ɗanyen itacen da ake kira wawa nauyi.

Tsagar baki tana yaudara a hunturu. Iskar Disamba da Janairu tana tsaga bakin gungume cikin mako guda alhali cikinsa jagab. Shi ya sa ya kamata a roƙi mai itace ya faskara guda ɗaya daga tsakiyar tulin, ba daga sama ba. Wanda kayansa suka bushe ba ya jin nauyin yin haka.

A murhu kuwa ba a ɓoyewa. Ɗanye yana shuuu, kumfa tana fitowa ta bakin da ke waje, jikinsa ya yi baƙi ba harshe, kuma da an daina fifita sai wutar ta kwanta.

Masu gidan burodi da ke sayen lodin mota suna iya mallakar ƙaramar na'urar auna laimar katako, mai allura biyu da ake cakawa. A caka ta a sabon gefen da aka faskara yanzu. In an caka a baya, lambar da za ta nuna ta bayan ce.

Mece ce hanyar busarwa da ta dace?

Abu na farko faskare, kuma tun itacen yana ɗanye, lokacin da gatari ya fi shigarsa. Ɓawo aikinsa a jikin bishiya shi ne hana ruwa fita, kuma yana ci gaba da wannan aikin bayan an sare. Gungumen da ba a tsaga ba ta bakunansa biyu kawai yake numfashi. Ruwa yana bin tsawon jijiya ya fita ta baki fiye da sau goma saurin fitarsa ta gefe, don haka gajarta itace ma tana taimakawa. Tsawon kamu ɗaya, wajen santimita 40 zuwa 50, da kaurin da bai wuce damtsen hannu ba, ya isa murhun gida. Na babbar tukunya ana iya barinsa ya ɗan fi haka tsawo, amma kaurin kada ya ƙaru.

Na biyu, a ɗaga shi daga ƙasa. Bulo huɗu da sanduna biyu ko tsohon faletin katako sun isa. Tazarar taƙi ɗaya tsakanin ƙasa da layin farko tana hana tsotsar laima, tana rage gara, kuma tana barin iska ta ratsa ta ƙasa. Ko a kan siminti ne a ɗaga, don ruwan tsakar gida yana bi ta nan.

Na uku shi ne jerin kansa. A jera layi ɗaya, bakunan suna kallon inda iska ke fitowa, a bar ƴan ƙofofi tsakanin itatuwan. A ƙarshen layi a giciye su, biyu haka biyu haka, don jerin ya tsaya. Idan a jikin bango ne a bar tazarar tafin hannu. Tsayi kada ya wuce ƙirjin babba, saboda yara. Tuli irin na zubewar mota, wanda ake gani a bakin hanya, na samansa ne kawai ke bushewa. Na tsakiya yana iya wata uku yana gumi.

Na huɗu rufi, kuma sama kaɗai. Tsohon kwano ya fi komai, a ɗan karkata shi, ya zarce jerin ta kowane gefe, a danne da dutse. Gefuna a bar su a buɗe. Ɗan feshin da zai taɓa bakunan ba komai ba ne, zai bushe washegari.

Rana tana da amfani, amma a Kumasi iska ta fi ta. Inuwa mai iska ta fi lungun da rana ke duka amma iska ba ta motsi.

Na lulluɓe nawa da tamfol har ƙasa don kada ruwa ya taɓa shi, amma ya ƙi bushewa. Me ya faru?

Hajiya, kin tsare shi daga ruwan sama, kin kulle shi da nasa. Kamar jiƙaƙƙen wanki ne a ƙulle cikin leda. Da rana zafi yana fitar da tururi daga itacen, tururin ya rasa mafita, da dare ya koma raɓa a cikin tamfol ya ɗiga a kansa. Ƙasan ma tana ba da tata laimar. Alamarsa ita ce warin funfuna idan an buɗe, da baƙi-baƙi ko fari-fari a bakunan. A naɗe tamfol ɗin ya tsaya a sama kawai, in da hali a sa sanduna tsakaninsa da itacen. Haka ɗakin ajiya marar taga: wurin adana wanda ya riga ya bushe ne, ba wurin busarwa ba.

Wata nawa yake ɗauka a Kumasi?

Ya danganta da watan da aka fara. Garin nan yana cikin yankin kurmi, ruwan da ke sauka a shekara kusan milimita 1,400 ne, kuma damina biyu ce: babbar daga wajen Afrilu zuwa Yuli, sai ɗan sarari a Agusta, sai ƙaramar a Satumba da Oktoba. Wanda ya taso a Tamale ko Bawku ya saba da rani mai tsawo da ke busar da komai da kansa; a nan dogon sararin bai wuce daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu ba.

Faskararren itace siriri da aka jera da kyau a farkon hunturu yakan yi kyau cikin mako shida zuwa takwas. Mai nauyi ko mai kauri ya kai wata uku ko fiye. Wanda aka jera a Mayu ko Yuni yana iya ninka wannan lokaci, ko da ruwa bai taɓa shi ba, domin iskar kanta a jiƙe take. Itace yana daidaita kansa da iskar da yake ciki: a tsakiyar damina ba ya sauka ƙasa da wajen kashi 15 zuwa 18 komai daɗewarsa, a hunturu kuma ya sauka ƙasa da haka. Duka biyun sun yi wa murhu. Agusta ba a cika dogara da shi ba, ruwa ya ragu amma gari a lumshe yake.

Abin da wannan ke nufi shi ne itacen Yuni a Disamba ko Janairu ake tanadarsa. A lokacin ma hanyoyin ƙauye sun bushe, motoci suna shigowa da kaya.

Maimakon ƙirga kwanaki, a zaɓi guda biyu masu matsakaicin kauri daga tsakiyar jeri, a yi musu alama da gawayi, a riƙa ɗora su a sikeli duk mako. A ce guda ya fara da kilo 2. Idan rabinsa ruwa ne, zai kai kashi 20 lokacin da ya dawo kilo 1 da kwata. Idan kashi 40 ne ruwansa, kilo 1 da rabi. Makonnin farko nauyin zai faɗi da sauri, sannan ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan. Ranar da aka auna mako biyu a jere bai sauya ba, ya kai iyakar abin da iskar lokacin za ta ba shi.

Gidanmu na haya ne, tsakar gida ta kowa da kowa. Ina zan sami wurin wannan duka?

Jeri mai tsawon mita 2, tsayin mita 1, faɗin rabin mita, yana ɗaukar wajen kilo 400 na busasshen itace mai nauyi. Gidan da ke ƙona kilo 5 a rana zai yi kwana 80 da shi. Jeri biyu irin wannan a ƙarƙashin zubar kwano, ana cin ɗaya ɗayan yana bushewa, ana sake cika wanda ya ƙare, sun riƙe gida shekara.

Mai sana'a lissafinta daban. In tana ƙona kilo 20 a rana, jeri ɗaya kwana 20 ne, kuma kafin ta ba kowane itace wata biyu sai ta sami jeri uku suna bushewa ban da wanda take ci. Ba kowa ke da wannan fili ba, ba kowa ke da jarin da zai kwantar haka ba. Abin da zai yiwu shi ne a rage kauri: itacen da aka tsaga ya koma kamar tsintsiyar hannu yana zubar da mafi yawan ruwansa na farko cikin mako biyu zuwa uku. Ko tazarar mako biyu tsakanin saye da ƙonawa tana sauya wuta sosai. Wasu sukan haɗu su uku ko huɗu su ɗauki lodi ɗaya su jera a gidan wadda ke da fili. Wasu kuma sukan shirya da mai itacen da suka saba da shi, ya faskara ya jera musu a wurinsa, su ɗan ƙara masa wani abu.

Komai ƙanƙantar ajiyar, a riƙa cin tsoho kafin sabo. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba sabon lodi a kan ragowar tsoho, sai kullum ɗanyen ne a hannu.

Wane itace ne ya fi?

Idan an busar da su daidai, kilo da kilo, itatuwa kusan zafi ɗaya suke bayarwa. Bambancin yana wajen cikar jiki. Mai nauyi kamar marke da ake kawowa daga arewa, ko kasiya, ko tik, guda ɗaya yana daɗewa yana barin garwashi, amma yana jinkirin bushewa. Wawa ba ta da nauyi, tana bushewa da wuri, tana kamawa da wuri, tana ƙarewa da wuri. Ta dace da tayar da wuta, kuma funfuna tana saurin kama ta idan ta zauna da laima. Esa, wata bishiyar kurmi, da tsofaffin itatuwan koko daga gonaki suna ci da kyau, sai dai esa ba ya jure ajiya a ƙasa, ƙwari da ruɓa suna shigarsa.

Ɓarin katako na masu injin tsaga gungume yawanci ɗanye ne, tunda daga sabon gungume aka yanke shi, amma da yake falle-falle ne yana bushewa da sauri in an jera. Guntayen kafintoci irin na Sokoban, unguwar masu katako a Kumasi, sun fi bushewa. Sai dai a tsince: duk mai fenti, mai fanis, falawud da aka manna da gam, ko katakon da aka jiƙa da maganin gara, kada ya shiga murhun abinci. Hayaƙinsu da tokarsu suna ɗauke da guba, bushewa ba ta cire ta.

Yau ba ni da komai sai mai laima, kuma dole in ɗora tukunya. Yaya zan yi?

A tsaga shi ƙanana iya iyawa. A tayar da wuta da busassun ƙirare ko ɗan gawayi har garwashi ya samu sosai, sannan a riƙa sa mai laimar ɗaya-ɗaya, kada a danne wutar da shi. Waɗanda za su shiga nan gaba a jingina su a jikin duwatsun murhu su sha zafi. Na gobe ma a jera su a gefe bayan an sauke. A bar tazara, kada a ɗora su a kan garwashi a tafi barci, don itacen da ya bushe a jikin murhu yana iya kamawa.

Leda, roba da tsohon takalmi ba abin tayar da wuta ba ne. Suna kamawa, amma itacen bai bushe ba don sun ci, kuma hayaƙinsu ya fi na ɗanyen itace illa. Kananzir kuma ba a zuba shi a kan wutar da ta riga ta kama ko garwashi mai rai.

Nawa a bushe yake ƙayau, amma har yanzu yana hayaƙi.

To sai a duba murhun. Wuta tana hayaƙi idan ta rasa iska, ko da itacen ya shekara. Guda uku ko huɗu da bakunansu suka haɗu a tsakiya, da sarari a tsakaninsu, sun fi guda takwas a cushe. Toka idan ta taru tana toshe ƙasa, a kwashe ta kafin a hura. Tukunya idan ta zauna dab da itacen, harshen wuta yana taɓa sanyin gindinta ya mutu kafin gas ya gama ci, sai baƙi. Idan ta yi nisa kuma zafi ya watse. Wajen tsawon tafin hannu tsakanin itace da gindin tukunya ya yi wa tukunyar gida. Ɗan hayaƙi a mintunan farko ba laifi ba ne, murhun ne bai yi zafi ba.

Idan an gama girki, a zaro ragowar itacen a turmusa bakinsa cikin yashi ko toka. Masu kashewa da ruwa suna mayar da busasshen itacensu jiƙaƙƙe da hannunsu, gobe da asuba su yi ta fama.

Masu banda kifi da nama ai hayaƙin suke so. Su ma sai busasshe?

Su ma. Banda tana buƙatar zafi mai ɗorewa da zai fitar da ruwan kifin, da hayaƙi siriri da zai ba shi launi da ƙamshi. Ɗanyen itace yana cika tanda da tururi, kifin ya daɗe bai bushe ba, kwalta ta kwanta masa ya yi baƙi da ɗaci. An fi samun yadda ake so da busasshen itace a matsayin wuta, sannan a daidaita hayaƙin da ɗan abin da ake yafawa a kai, kamar ɓawon rake ko na kwakwa.

Hayaƙin nan yana cutarwa da gaske, ko ido ne kawai?

Yana cutarwa. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsa suna wuce hanci su shiga can cikin huhu, kuma wutar da ba ta ci da kyau tana fitar da iskar kabon monoksaid mai yawa, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kawo ciwon kai da jiri, a rufaffen ɗaki kuma tana kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida daga girki da irin wannan makamashi ta jawo mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, ta hanyar ciwon huhu, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da makamantansu. Waɗanda suka fi shaƙa su ne mai girkin da jaririn da ke goye a bayanta.

Busasshen itace yana rage hayaƙin sosai, amma bai kawar da shi ba. A yi girki a rumfa mai buɗaɗɗen gefe, ko a kicin mai mafita a sama kusa da rufi, inda hayaƙi ke taruwa. A sauke goyo a ba wani ya riƙe lokacin hura wuta, tunda a nan hayaƙi ya fi yawa. Tarin da ya wuce mako biyu, ko yaro mai numfashi da sauri da zazzaɓi, na asibiti ne.